Na gyara shafi 18 na fassarar na'ura, yanzu na ga lamba ta canja

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure. Shekara shida ina fassara, yawanci takardun lafiya da na makaranta, da hannuna nake yi tun daga farko. Wannan karon wani kamfani ya turo mini rahotonsa na shekara, shafi 41, na'ura ta riga ta mayar da shi Hausa, ni gyara kawai zan yi. Da na ƙi, amma wanda ya haɗa mu mutumin kirki ne, ya taɓa jira na wata guda lokacin da na yi jinya. Kwana uku ina gyaran jimloli har suka yi santsi, na kai shafi na 18. Jiya da dare na leƙa Turancin sai na ga biliyan 2.6 ta koma miliyan 2.6, kuma a shafin da na riga na wuce. Jibi zan miƙa. In koma farko ne ko in ci gaba?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki dakata da gyaran salo yanzun nan. Kin fara ne daga inda ake ƙarewa. Na'ura ta iya jera magana mai daɗin karatu, shi ya sa ido ke zamewa a kan kuskurenta. Ki ajiye Turancin da Hausar gefe da gefe ki bi rahoton sau uku, kowane zagaye abu ɗaya kike nema: lambobi, sai korewa, sai kalmomin kamfanin. Turo mana jimlar da kika kama.

Maman Ilham: Ga ta, na cire sunan:

```
Operating costs rose by 4% to 2.6 billion.
```

Na'ura ta ce: "Kuɗin gudanarwa ya tashi zuwa kashi 4 na miliyan 2.6." Na mayar da miliyan biliyan, shi ke nan.

Baban Sadik: Ba shi ke nan ba. Kuskure biyu ne a jimlar, ɗaya kika gani. Turancin cewa ya yi kuɗin ya ƙaru da kashi 4 cikin 100, ya kai biliyan 2.6. Hausar da kika bari kuwa tana cewa kuɗin shi ne kashi 4 na biliyan 2.6, wato miliyan 104. Duk alƙaluman suna nan daidai, ma'anar ce ta gudu. Saboda haka kada ki tsaya a kan alƙalami kaɗai, ki karanta kalmar da ke gabansa da wadda ke bayansa: "da" ce ko "zuwa", miliyan ce ko biliyan, wace shekara ce. Sannan ki duba teburori. A lissafin kamfani lambar da ke cikin baka, kamar (350), ragi ce ko asara. In bakan ta faɗi wajen fassara, asara ta zama riba ke nan, kuma babu abin da zai ja hankalinki.

Ɗan Gwaggo: Ni dai hanya mai sauƙi nake bi. Ki kwafe Hausar ki sa na'ura ta mayar da ita Turanci, ki kwatanta da na asali. Inda suka saɓa nan matsala take.

Baban Sadik: Malam, wannan yakan kama miliyan da biliyan, na yarda. Amma sau da yawa na'urar da ta ɓata kalma wajen zuwa takan gyara ta wajen dawowa, sai ka ga Turanci lafiya lau alhali Hausar a karkace take. Idan ta fassara kuɗin ruwa da "sha'awa", ka mayar, kalmar asali ce za ta dawo maka, ka ce komai daidai.

Anti Bilki: Tukuna, nawa za su biya ki? Ni abin da ke ci mini rai ke nan. Bara wani kamfani ya ba ni irin wannan, suka ce rabin kuɗi tunda "gyara ne kawai". Na fi cin lokaci a kansa fiye da in na fassara da kaina, kuma da aka sami kuskure ɗaya sunana aka kira, ba na na'ura ba. Ƙanwata, ki goge nasu ki fassara sauran shafi 23 da hannunki, kin fi samun kwanciyar hankali.

Maman Ilham: Anti, kwana biyu suka rage, shafi 23 ba zai yiwu ba. Kuma fa ba wai ban duba Turancin ba ne sam. Ina dubawa duk inda Hausar ta yi mini wani iri. Inda ta tafi daidai ne na wuce.

Baban Sadik: To ai inda ta tafi daidai nan ne korewa ke ɓuya. Jimlar da aka cire wa "ba… ba" ba ta yin wani iri, lafiyayyar jimla ce, kishiyar gaskiya kawai take faɗa. Kada ki nemi korewa a Hausar, tunda abin da ya ɓace ba ya nemuwa. A Turancin za ki bincika waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

```
not   no   n't   never   without   unless   failed to   no longer
```

Duk inda kika samu, ki tsallaka Hausar ki tabbatar korewar tana nan, kuma a kan abin da ya dace ta sauka. A doguwar jimla "ba" ta biyu takan zame ta koma can ƙarshe ta haɗiye abin da ba nata ba. "Kamfanin bai rufe reshen ba saboda asara" daban yake da "bai rufe reshen saboda asara ba". Na farko reshen yana buɗe. Na biyu mai karatu zai iya fahimtar an rufe, dalilin ne wani.

Malam Na-Allah: Ni tambayata, sun ba ki jerin kalmominsu? Don na ga ba ki ambata ba.

Maman Ilham: Sun turo wata takarda mai kalmomi kamar 60, amma Hausarta ba ta yi mini ba. Sun ce "kuɗaɗen shiga", ni kuma a wasu wurare na sa "riba" don kada maimaici ya yi yawa. Sunan wani sashensu ma na fassara shi, ya fi daɗi a baki.

Baban Sadik: Innalillahi. Hajiya, kuɗin shiga duk abin da aka samu ne kafin a cire ɗawainiya, riba abin da ya rage ne bayan an cire. Wannan kuskuren ba na na'ura ba ne. A rahoton kuɗi maimaici ba aibi ba ne, kalma ɗaya ma'ana ɗaya daga shafin farko zuwa na ƙarshe. Ki bincika "riba" a shafi 18 ɗin nan, kowace ki gwada ta da Turancin. Sunan sashe kuma ki mayar yadda suka rubuta. In kalmarsu ba ta gamshe ki ba, ki bar ta, ki rubuta musu ra'ayinki a takarda daban.

Malam Na-Allah: A nan kam ban bi ka duka ba. Wani lokaci jerin nasu ma na'ura ce ta yi shi. Na taɓa ganin wanda aka kira kwamitin daraktoci "allo". In ka bi irin wannan ido rufe, kai za a yi wa dariya. Ta kira su ta tambaya.

Baban Sadik: Ta tambaya, amma kafin amsa ta zo nasu za ta bi.

Maman Ilham: Na ji duka, na gode. Amma "riba" ɗin nan ba ko'ina na sa ba, inda na ga ma'anar ta kusa ne. Kuma in na kira su yanzu za su ɗauka ban iya aikin ba. Ina ganin zan ƙarasa shafi 23 ɗin tukuna yadda na saba, in lokaci ya rage in koma kan lambobin.

Anti Bilki: Har yanzu ba ki faɗa mana nawa za su biya ba.