Tirayal balans ya yi daidai amma an ce akwai kuskure a ciki

Sabon akawu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na haɗa tirayal balans, debit da kiredit sun zo daidai cif, amma ogana ya ce wai wannan ba hujja ba ce cewa littafin lafiya yake. To ta yaya kuskure zai ɓuya a ciki, kuma ta ina zan fara nema?

Tsohon akanta: Wa alaikumus salam ƙanena. Abu ɗaya tak tirayal balans yake gaya maka, jimillar debit ta zo ɗaya da jimillar kiredit, shi ke nan. Bai san ko adadin gaskiya ne ba, bai san ko a akawun ɗin da ya dace ka sa ba. Ɗauki wannan. Ka sayar wa kwastoma kaya bashi na 5,400, a akawun ɗin ciniki ka sa kiredit 5,400 daidai, amma da ka zo shafin kwastoman sai hannu ya juya lamba ka sa debit 4,500. Debit ya yi ƙasa da 900. Da a nan aka tsaya da ka gani nan take. To sai kuma a watan ka sari kaya bashi na 2,100, debit na saye ya shiga daidai, amma a shafin mai kawo maka kayan ka sa kiredit 1,200. Shi ma kiredit ya yi ƙasa da 900. Kuskure biyu da ba ruwan wani da wani sun rufa wa juna asiri, jimilla ta zo cif alhali shafi biyu duk ƙarya suke faɗa.

Ɗalibar akantanci: Mu dai an koya mana ka raba bambancin da 9, in ya rabu ba saura to mai yiwuwa juya lamba aka yi. Gwada hakan mana.

Tsohon akanta: Dabarar gaskiya ce 'yata, 900 ma ai ta rabu da 9. Amma sai akwai bambanci a ƙasa sannan za ki raba, shi kuwa nasa sifili ne, me zai raba?

Mai shago: To ni ban ga abin tada hankali ba, tunda ciniki daidai ne saye ma daidai ai riba ba ta taɓu ba. Ni fa tunda na koma manhaja na huta da duk wannan, ba ta ma yarda ka ajiye shigarwa sai ɓangare biyun sun yi daidai.

Mai odit: A misalin can riba ba ta taɓu ba, gaskiya ne Alhaji, amma za ka nemi kwastoma 4,500 ya biya ya yi shiru, 900 ɗinka ta tafi, shi kuma mai kawo kaya ba zai yafe nasa 2,100 ba. Kuma ba dole sai ɓangare biyu ba, da a ce kuskure na biyun kuɗin haya ne aka sa debit ya haura da 900, duk a ɓangaren debit ɗin za su cinye juna, riba kuma ta ragu da 900 ba gaira ba dalili. Maganar manhaja kuwa, eh ta toshe irin wannan, amma inbois da ba a shigar ba gaba ɗaya fa? Ko wanda tun farko aka buga 4,500 ta kwafa a ɓangare biyun? Ko an sayi inji an jefa shi a kuɗin gyara? Duk balans zai yi. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne juya ɓangare, kwastoma ya biya 1,000 sai a yi masa debit a yi wa banki kiredit, kowane shafi ya kauce da 2,000 kuma tirayal balans ko gezau.

Sabon akawu: Tirƙashi. Kenan sai na bi shigarwa ɗaya bayan ɗaya?

Mai odit: A'a, nemi shaida daga waje. Gwada littafin kuɗinka da sitatimen ɗin banki, gwada shafin kowane mai kawo kaya da sitatimen ɗin da ya turo, a nan 1,200 da 2,100 za su yi karo. Tura wa kwastomomi nasu, sai dai ka sani wanda ka rage wa bashi da wuya ya yi magana, don haka haɗa jimillar shafukansu ka gwada da kwantirol akawun, wato akawun ɗin da ke riƙe jimillar bashin kwastomomi gaba ɗaya, za ka ga giɓin 900. Sannan bi lambobin inbois a jere ko akwai wadda ta yi tsalle. In ka kama irin na misalin can, jarnal ɗaya ya isa, debit kwastoma 900, kiredit mai kawo kaya 900, ba sai ka buɗe sasfens ba, wato akawun ɗin da ake ajiye bambanci na wucin gadi, tunda babu bambancin da aka ajiye.

Tsohon akanta: Ni kam a ƙaramin littafi gara ya bi duka da rasit a hannu, yini guda ya gama.

Mai odit: Baba in shigarwar ta kai dubbai fa? Manya da waɗanda ba a saba gani ba zai zaɓa. Ƙane, naka guda nawa ne a wata?