Yaya zan sa leburori su riƙe awon kafa tsani?

Salam. Ni ne fomen wani gini a Gombe. Kafin aiki nakan yi wa ma'aikata jawabin minti 5 kan tsani: in tsawo mita 4 ne, gindinsa ya nisanci bango mita 1, kansa ya zarce wurin da za a taka a sama da mita 1, kuma kada a hau da bokitin siminti a hannu.

Na karanta daga takarda, suka yi ta hamma. Na zana a bango, banza. Da rana sai in tarar an kafa shi tsaye cak kan bulo, yana rawa, babu mai riƙewa.

Don Allah, da waɗanne kalmomi kuke bayyana awon nan ga lebura marar tef har ya zauna masa?