La'ada, kamasho ko nisabi: wane suna ya dace da kason da ake biya a kan abin da ya haura taget kaɗai?

Akawun Singa:
Assalamu alaikum. Ni ke riƙe da lissafin wani shagon sari a Kasuwar Singa, kuma maigida ya sa ni rubuta wa yaranmu masu fita da kaya yarjejeniya da Hausa. Tsarin shi ne, bayan albashi, an yanka wa kowa taget na naira 2,000,000 a wata, abin da ya haura haka yana da kashi 5 cikin 100 a kai. Watan jiya wani yaro ya yi cinikin 2,600,000. Na cire miliyan biyun, saura 600,000, na ba shi kashi biyar ɗinsu, wato 30,000. Sai ya zaro takarda daga aljihu ya nuna mini nasa lissafin: 130,000. Shi a kan cinikin gaba ɗaya ya buga. Har ya sa wa kuɗin rai, zai biya haya da su, kuma ba zan ga laifinsa ba, domin da baki aka ce masa "in ka wuce taget kana da kamashon kashi biyar". Ina neman kalmar da da jin ta mutum zai san a kan ƙarin kawai ake lissafi.

Dillalin Kara:
Wa alaikumus salam. Ɗana, me ya kai ka nesa? Sunansa la'ada. Shekara talatin ina cin ta a kasuwar shanu. Kamasho kuwa ka bar wa 'yan tasha abinsu.

Akawun Singa:
Baba, Allah ya ƙara girma. Amma ai ku daga saniyar farko kuke karɓa, ko ɗaya aka sayar kun samu. Namu yaron sai ya sayar da kayan miliyan biyu bai ga ko sisi ba. In na rubuta la'ada zalla, lissafin 130,000 ɗin nan zai dawo.

Malamin Islamiyya:
Ga shawara. Taget ɗin ku kira shi nisabi, kamar na zakka. Duk Bahaushe ya san dukiya in ba ta kai nisabi ba babu komai a kanta. Sai ku ce la'adar nisabi.

Tsohuwar Ma'aji:
Allah gafarta Malam, ta wani gefen kun yi daidai: ƙasa da nisabi babu komai, ƙasa da taget ma haka. To amma ku tuna yadda ake fitar da zakkar kuɗi. In sun kai nisabi, ɗaya cikin arba'in na dukkansu ake fitarwa, ba na abin da ya hau kan nisabin ba. Wannan kuwa shi ne ainihin lissafin da yaron ya yi. Kalmar za ta tsaya masa ne, ba ta gyara masa ba.

Tsari biyu ne daban, kuma kowanne akwai masu yin sa. A irin na nisabi, wanda ya yi cinikin 1,999,000 ba shi da komai, wanda ya cika 2,000,000 cif ya tashi da 100,000. Naira dubu ɗaya ce ta raba su da dubu ɗari. Na taɓa aiki inda ake haka, na kuma ga abin da yake jawowa: ranar ƙarshen wata yaro ya je ya roƙi wani mai shago ya karɓi katan biyar na sabulu ya ajiye masa, a rubuta rasit, ranar uku ga wata a dawo da su. A tsarin Akawu babu wannan tsallen. Wanda ya yi 2,001,000 naira 50 zai samu, daga nan abin ya riƙa hawa sannu a hankali.

Akawu, ga alamar da za ka gane wannan saɓanin duk ranar da ya taso. Ka cire naka lissafin daga na yaron. In ka ga 100,000 daidai, to shi ne, domin 100,000 ita ce kashi biyar na taget ɗin kansa. Ko nawa ya sayar, muddin ya wuce, tazarar ba ta canzawa.

Malamin Islamiyya:
Hajiya, gaskiyarki. Na janye.

Ɗan Sahu:
Ai wannan balas ne! Ni kullum akwai abin da nake kai wa mai keke da yamma, duk abin da ya ragu nawa ne. Ku rubuta balas kawai, yara za su gane.

Tsohuwar Ma'aji:
Ka kusa, ƙanena, domin kai ma sai ka cika na mai keke kake ganin naka. Sai dai kai ragowar duka kake ɗauka, shi kuwa biyar cikin ɗari. Sannan ranar da ba ka cika ba bashi ne a kanka. Shi yaron Akawu in ya gaza, ba a bin sa komai. Ko ana bi, Akawu?

Akawun Singa:
Ba a bi, Hajiya. Amma kin taɓo inda na yi tuntuɓe a Excel. Ciniki yana B2, taget a C2, kaso a D2. Da farko cirewa kawai na yi na ninka, sai wani da ya yi 1,700,000 ya fito da -15,000, kamar mu muke bin sa. Yanzu ga abin da na sa:

```
=MAX(0,B2-C2)*D2
```

In cirewar ta faɗi ƙasa da sifili, sifilin zai ɗauka. A D2 kuma dole a rubuta 5%, ba 5 ba, in ba haka ba 30,000 ɗin nan sai ta zama 3,000,000.

Ɗan Maraɗi:
Yallaɓai, mu da injinmu ke kan Faransanci ba ya karɓar waƙafin nan, sai dai `=MAX(0;B2-C2)*D2`. Maganar suna kuwa, ni Baba zan bi, a ƙara mata wutsiya: la'adar rara. Rara ita ce abin da ya yi saura bayan an cika abin da ake nema.

Dillalin Kara:
Madalla. Wannan ta zauna a baki.

Tsohuwar Ma'aji:
Ta fi duk na baya, amma ina da tsoro ɗaya. A bakin ɗan kasuwa rara tana kusa da riba. Yaro zai iya ɗauka kasonsa a kan ribar kayan ne, ba a kan kuɗin cinikin ba. Ni da "la'adar rarar ciniki" zan rubuta, ko da ta yi tsawo. Taget kuma a ce "adadin da aka yanka", a sa lambar a gabansa. Kuma kada ka dogara da sunan shi kaɗai, ka rubuta misalin 2,600,000 ɗin nan a ƙarƙashinsa, layi uku, yaro ya karanta da bakinsa kafin ya sa hannu.

Ɗan Sahu:
Ni dai na san yaran Singa, kamasho za su ci gaba da cewa.

Akawun Singa:
To su ce kamashon rara, in dai rarar tana ciki ba ni da ja. A takarda zan bi ta Hajiya. Saura abu ɗaya da ban san yadda zan rubuta ba. Cikin 2,600,000 ɗin yaron nan, 400,000 bashi ya bayar, har yau ba a kawo ba. In da kuɗin da suka shigo aka yi lissafi, rararsa 200,000 ce, la'adarsa 10,000, ba 30,000 ba. Maigida ya ce daga yanzu sai kuɗi a hannu, yaran sun ce ai shi ya ba su izinin bayar da bashin.

Dillalin Kara:
Mu a kara, da an yi sallama la'ada ta tabbata.

Tsohuwar Ma'aji:
Baba, a kamfanin da na yi aiki kuwa sai kuɗi sun shiga asusu, a lissafa su a watan da suka shigo. Akawu, ka tambayi maigidan naka wa ke sa hannu a takardar bashin, shi ko yaron, ka dawo mana da amsar.