Neman kalmar Hausa: me za mu kira SLA a layin ƙorafi?

Malam Hamadu, Garwa: Assalamu alaikum. Ina kula da sashen karɓar ƙorafi a wani kamfani mai haɗa wa shaguna intanet, kuma ina rubuta wa sababbin ma'aikata bayanin aiki da Hausa, domin da ita muke magana a ofis ko da yake allon kwamfuta da Faransanci yake. Abin da ya tsayar da ni shi ne `SLA`, gajeren sunan Turanci da muke kiran lokacin da aka yanka don warware kowane ƙorafi. A wurinmu kowane ƙorafi da aka shigar a kwamfuta tikiti muke ce masa. Tikitin `P1`, wato na mai shagon da rezo ya yanke masa gaba ɗaya, awa 2 gare shi, `P2` awa 4, `P3` awa 8, kuma agogon yana tafiya ne daga ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma kawai. Na rubuta "alƙawarin hidima", amma zuciyata ba ta kwanta da ita ba.

Alhaji Isa, Kusiri: Wa alaikumus salam. Ai tun muna aikin gwamnati "matakin aiki" muke cewa, kowa da matakinsa da albashinsa.

Malam Hamadu: Allah ya ƙara girma, Alhaji, wannan darajar ma'aikaci ce. Abin da nake nufi lokacin da aka yanka wa kowane ƙorafi ne.

Musa, Marwa: Malam, a ce "wa'adi" kawai, kamar yadda tela ke fara ɗinka kayan da ranar karɓarsu ta matso, ba waɗanda aka fara kawowa ba. Ba ruwan layin da wanda ya riga zuwa, `P1` ne kullum a gaba.

Hajiya Zainabu, Njamena: Musa, ɗana, misalinka daidai ne, amma ƙarshen maganarka ya saɓa masa. Ɗauki lambobin Malam Hamadu, a ce yanzu ƙarfe 9:40 na safe. Wani `P3` ya shigo ƙarfe 8, lokacinsa zai cika 4 na yamma. Wani `P1` ya shigo 9:30, zai cika 11:30. Akwai kuma `P2` da ya shigo jiya ƙarfe 3 na yamma, ya ci awa 2 kafin a tashi, agogonsa ya tsaya da dare, ya ci gaba da safe, saboda haka ƙarfe 10 zai cika. Idan an jera layin bisa lokacin da ya rage, `P2` ɗin jiya ne a sama da minti 20, alhali mai shagon da ba shi da rezo ko kaɗan yana ƙarƙashinsa yana jira. Kowane sashe sai ya zaɓi wanda zai bi, agogo ko tsanani, ya rubuta shi a fili, in ba haka ba ma'aikaci zai bi duk wanda ya yi ja a allo.

Game da kalma kuwa, abubuwa uku ake cusawa cikin haruffan nan na `SLA`. Akwai takardar da kamfani da abokin ciniki suka sa wa hannu, wadda tana iya ƙunsar rangwame idan an saɓa, wannan "yarjejeniyar hidima" ce. Akwai agogon kowane tikiti, shi na yarda a kira shi "wa'adin hidima". Sai kason da ake aunawa, irin na cibiyoyin amsa waya da aka fi sani, wato a ɗauki kira 80 cikin 100 a cikin daƙiƙa 20, shi kuwa "mizanin hidima" nake ce masa. "Alƙawari" ta yi nauyi a nan, domin ko mizanin 90 cikin 100 ya riga ya yarda cewa goma za su makara.

Malam Hamadu: Hajiya, kin taɓa inda ke yi mini ciwo. Goman nan su ne damuwata. Da zarar tikiti ya wuce wa'adinsa an riga an ƙirga shi cikin faɗuwa, ko a gama shi yau ko bayan mako, don haka ma'aikata suna barinsa su ceci wanda bai wuce ba.

Hajiya Zainabu: Haka ake gane shi: mizanin wata yana da kyau, amma tikitin da ya fi daɗewa a buɗe yana ƙara tsufa. Ka riƙa duba shekarun, ina nufin kwanakin, mafi tsufa kowace safiya, ka ware mutum guda da zai bi waɗanda suka wuce. Ka kuma lura da masu aika "mun karɓi saƙonka" don cika wa'adin amsar farko, da masu mayar da tikiti "ana jiran abokin ciniki" don agogo ya tsaya. Alamarsu ita ce yawan tikitin da ake sake buɗewa da yawan masu kira karo na biyu.

Musa: Na yarda da ukun, Hajiya, amma "hidima" a kunnena ta biki ce. Me zai hana "wa'adin aiki"?

Malam Hamadu: "Wa'adin aiki" zai rikice da ƙarshen kwantiragin ma'aikaci. Zan rubuta "wa'adin hidima" da "mizanin hidima", in ji yadda za su zauna a bakin yaran ofis. Saura sunan tikitin da ya wuce wa'adi, domin "makararre" da nake amfani da ita tana sa su ɗauka cewa an gama da shi.