Musaya da ciko, ko a sayar da tsohuwar tukuna?

Mai Corolla, Mabera: Jama'a, dillali ya ce in ba shi Corolla tawa a miliyan 3.5, in cika miliyan 6 in ɗauki Camry. Yayana ya dage wai duk wanda ya yi musaya an cuce shi. Haka ne?

Tsohon dillali, Runjin Sambo: Ƙanena, kafin a yi maganar cuta, tura wani wanda ba su sani ba ya taya Camry ɗin da kuɗi hannu. Kai an yi maka lissafinta a miliyan 9.5. In aka sallama masa a 9, to Corolla ɗinka a miliyan 3 aka karɓe ta ke nan, an ɗaga maka farashin tsohuwar ne don ka ji daɗi, aka mayar a kan sabuwar. Ciko shi ne abin dubawa.

A ce ka sayar da kanka a miliyan 4. Cire la'adar dillalan da suka kawo mai saye, mu ce dubu 200. Cire dubu 150 na gyaran na'urar sanyi da ɗan fenti, don a zafin Sakkwato wannan ake fara tambaya. Cire dubu 50 na kabu-kabu wata guda. Saura miliyan 3.6, cikonka ya dawo 5.4. Dubu 600 ka tsira da su, sun ishe ka tayoyi, batir da canjin takardu.

Hajiya, Arkilla: Alhaji, a takarda lissafinka daidai ne, amma ni na ɗanɗana. A 2023 na sayar da tawa, ina jira a kawo mini wata daga Kwatano, Naira ta faɗi, farashi ya gudu ya bar ni. Kuɗin ma da 'yan'uwa suka ji labari, wannan asibiti, wancan biki. Ƙaramar mota na ƙare da ita.

Malamin makaranta: Ni shawarata kada ya ci bashin dillali, biyan wata-wata akwai wahala.

Mai Corolla: Malam, ba bashi ba ne, cikon yana hannuna.

Bakanike, Gawon Nama: Yayanka yana da rabin gaskiya. In injin yana shan mai ko giya tana fizga, musaya ta fi, amma ka faɗi aibin. Dillali zai rage kuɗi ya gyara abinsa, ɗan unguwa kuwa kullum yana ƙofar gidanka. Takardar kwastan fa? In babu ita, manta da miliyan 4.

Tsohon dillali: Hajiya, maganinsa a ba da kafin alƙalami a kan Camry, a rubuta wa'adin mako biyu. Kuma kada ya miƙa makulli sai ya ga kuɗi a asusunsa.

Hajiya: In mako biyun suka cika ba mai saye fa, Alhaji? Wa zai dawo masa da kafin alƙalaminsa?