Tambayoyi goma kan jerin sifofin Turanci: ku taya ni tsarawa

Malamar SS2: Assalamu alaikum malamaina. Ina so in ba ɗalibaina gwajin zaɓi ɗaya cikin uku, tambaya goma, a kan yadda ake jera sifofi kafin suna a Turanci, kowace da bayanin amsarta. Na iya jerin, amma idan yaro ya ce "Malama, me ya sa?" sai in rasa ta cewa. Ku taimaka da tambayoyi da bayani.

Ɗan Ajin JAMB: Wa alaikumus salam Malama. Ai abin mai sauƙi ne, a ba su OSASCOMP su haddace, wato haruffan farko na sunayen rukunan sifofin da Turanci, bi da bi: ra'ayi, girma, shekaru, fasali, launi, asali, abin da aka yi kayan da shi, sai amfaninsa. Wanda ya riƙe wannan ba tambayar da za ta kayar da shi, ko a WAEC ko a JAMB.

Tsohon Hedimasta: Ɗana, haddar tana da amfani, amma ba ta kai inda ka kai ta ba. Za mu zo nan.

Malama, dalilin da kike nema ga shi. Sifar da ta fi zama jinin jikin abu ita ke manne wa suna, wadda kuwa ta dogara da idon mai kallo ita ke yin nisa. Jakar fata ta fata ce ko wa ya kalle ta. Ƙanƙantarta sai an gwada ta da wata jakar. Kyanta kuwa, ke ki ce tana da kyau, kishiyar ra'ayinki ta ce sam. Shi ya sa fata ke kusa da jaka, girma ya matsa baya, kyau ya koma can farko. Da wannan ma'aunin za ki rubuta bayanin yawancin tambayoyin.

Ki riƙa sa sifa uku a kowace tambaya. Sifa biyu jeri biyu kawai suke bayarwa, yaro ya rufe ido ya canka. Uku kuwa suna ba da jeri shida, kin sami na zaɓa. Ga biyar na fara miki.

1. She bought a ___ bag.
A. leather black small
B. small black leather
C. black small leather

Amsa B. Girma, launi, sannan fata. Ki lura da waɗanda za su ɗauki C: sun gane fata ce ta ƙarshe, girma da launi ne suka rikice musu. Waɗanda suka ɗauki A kuwa sun juya jerin ne gaba ɗaya, su ne masu buƙatar a koma da su farko.

2. He drives a ___ car.
A. new Japanese white
B. white new Japanese
C. new white Japanese

Amsa C. Sabunta tana gushewa, fenti ana iya sake shi, amma ƙasar da aka ƙera motar ba ta canzawa.

3. Amina wore a ___ dress.
A. beautiful long blue
B. blue beautiful long
C. long blue beautiful

Amsa A. Ra'ayi, tsawo, launi.

4. We need a ___ pot.
A. cooking large aluminium
B. large cooking aluminium
C. large aluminium cooking

Amsa C. A nan ki tsaya ki yi bayani sosai. *Cooking pot* kusan suna guda ne, tukunyar girki, ba a raba su. Ki sa yara su karanta B da ƙarfi, za su ji kamar alminiyom ɗin ake dafawa. In sun yi dariya sun gane.

5. They sat at a ___ table.
A. round wooden small
B. small round wooden
C. wooden small round

Amsa B. Girma, fasali, katako.

Maman Ilham: Allah ya saka, Baba. Ni ma 'yata abin da ke ba ta wuya ke nan. Kullum sai ta rubuta *more bigger* da *most tallest*, na yi faɗa har na gaji. A sa mata irin wannan a cikin goman don Allah.

Malamar SS2: Maman Ilham, wancan darasin kwatanta sifa ne, zangon da ya wuce muka yi shi. Wannan na wace ke gaba wace ke baya ne idan sun taru a kan suna ɗaya. Ki turo ta ranar Asabar in duba mata.

Abban Sadiƙ: Ina koyarwa a ƙaramar sakandare, ga gudummawata guda biyu:

The children feared the ___ dog. big ugly black, ko ugly big black, ko black ugly big. Amsa ta biyu, tunda ra'ayi ne farko.

I found an ___ mirror, ko a ___ mirror: old round, ko round old. Amsa ta farko, shekaru kafin fasali.

Tsohon Hedimasta: Malam Abban Sadiƙ, ka yi haƙuri, duka biyun ba zan bari su shiga takardar ba, kuma nan ne nake cewa hadda ba ta isa ba.

Ta karen, bisa jadawali ka yi daidai. Amma masu harshen da kansu *big ugly dog* suke cewa, ya ma fi sauƙi a bakinsu, kamar yadda suke cewa *big bad wolf* a tatsuniyar yaransu. Kalmar *big* tana yawan tsallake ra'ayi ta hau gaba. Yaron da ke karance-karance ko kallon fim zai ɗauki ta farko, ka soke masa, alhali bai yi kuskure ba. Idan kun duba tambayata ta 3, da gangan ban sa *long beautiful blue* a cikin zaɓin ba, don akwai mai iya kare ta.

Ta madubin kuma littattafan ne ba su haɗu ba. OSASCOMP ya sa shekaru kafin fasali, nahawun Cambridge kuwa ya sa fasali kafin shekaru. Duk wadda ka ce ita ce amsa, wani uba zai zo maka da littafi a hannu. Malama, ki koya musu wannan a baki idan kina so, amma kada ki sa maki a kansa. Kafin ki buga kowace tambaya, ki karanta zaɓi biyun da kika ce kuskure ne cikin cikakkiyar jimla. In ɗaya bai yi miki nauyi a kunne ba, canza shi.

Abban Sadiƙ: Na karɓi ta madubi. Ta kare kam ina da ja, Baba. Mai jarrabawa jadawali yake bi, ba fim ba. Gara yaro ya san abin da za a ba shi maki.

Tsohon Hedimasta: Ka koya masa jadawalin, ban hana ba. Abin da na hana shi ne kai ka ɗora masa tambaya mai amsa biyu. Bari in ci gaba.

6. Read ___ chapters before Monday.
A. the three first
B. first the three
C. the first three

Amsa C. Lambobi suna zuwa kafin sifofin nan duka, kuma na matsayi, irin *first* da *last* da *next*, suna riga na ƙirga. Wannan ba ya cikin haruffa takwas ɗin ɗana mai JAMB.

7. We met ___ men at the market.
A. two tall young Fulani
B. tall two young Fulani
C. two Fulani young tall

Amsa A. Adadi, tsawo, shekaru, asali. Na sa huɗu a nan don a ɗan matsa musu.

8. He sat on ___ mat.
A. old his father's prayer
B. his father's prayer old
C. his father's old prayer

Amsa C. Mai abu shi ke buɗe jerin, a gurbin da *the* ko *a* ke zama. *Prayer mat* kuma ba a raba su, kamar tukunyarmu ta 4.

Anti Mai Lesin: Baba, ka bar min ta tara. Ina koyar da yara a gida da yamma, kuma wannan ce ke kama su:

9. My grandmother has an ___ television.
A. old black white
B. old black and white
C. old and black white

Amsa B. Launi biyu a jiki ɗaya dole *and* ta shiga tsakaninsu. Amma tsakanin *old* da *black* ba a sa ta, ba a sa waƙafi, don ba gidansu ɗaya ba. Yarana sun saba yayyafa waƙafi bayan kowace sifa. Nakan ce su gwada: in za ka iya sa *and* kuma ka iya juya su ba abin da ya lalace, kamar *a kind, honest woman*, sa waƙafi. In ba za ka iya ba, kamar *a small black bag*, bar shi.

Ɗan Ajin JAMB: To ai duk waɗannan in ban da lamba da waƙafi hadda ta ci su.

Tsohon Hedimasta: To ci wannan.

10. He sells ___ tea.
A. expensive green Chinese
B. expensive Chinese green
C. Chinese green expensive

Ɗan Ajin JAMB: A mana. Launi kafin asali.

Tsohon Hedimasta: B ce. *Green tea* sunan nau'in shayi ne, ba bayanin launinsa ake yi ba, don haka kalmomin biyu tare suke tafiya, *Chinese* ta tsaya a gabansu. Malama, bayanin wannan yana bakin yaranki tun daga gida. Ki tambaye su: farar babbar riga ake cewa ko babbar farar riga? Ta farko ita ce ta zuwa Idi, mai aska a ƙirji, don babbar riga sunanta ke nan. Ta biyu kuwa kowace farar riga ce da ta yi wa mutum yawa. Mu ma mukan ce babbar farar mota, girma kafin launi, amma da aka zo kan sunan da ya riga ya haɗe sai launi ya hau gaba. Yaron da ya ji wannan bambancin ba zai ƙara raba *green tea* ba.

Abban Sadiƙ: Tambayar ta yi daɗi, amma ta yi wa SS2 tsauri. Kin koya musu launi kafin asali a ta 2, ki zo ki karya a ta 10? Rabin aji zai faɗi, har da masu ƙoƙari, ga misali nan mun gani yanzu. Ni da zan sa ta a allo ne bayan an karɓi takardu.

Anti Mai Lesin: A bar ta, amma a fara kawo misalin babbar riga a darasi kafin ranar gwajin. Kuma Malama, ki lura amsoshin: B huɗu, C huɗu, A biyu kacal. Ki ɗan juya zaɓin, yara sun iya ƙirga irin wannan.

Malamar SS2: Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kwashe 1 zuwa 9, zan juya haruffan kamar yadda Anti ta ce. Ta 10 har yanzu ina tsakanin Baba da Malam Abban Sadiƙ. In na cire ta, wa zai ba ni wata mai sifa huɗu wadda ba ta da *big*, kuma ba ta haɗa shekaru da fasali ba? Ranar Alhamis zan kai a buga.