Bugun zuciyata na tsoro ne ko ciwo?

Salam jama'a, dan Allah masana lafiya ku taimaka. Wata uku kenan ina fama da bugun zuciya kala biyu. In hankalina ya tashi yana hauhawa a hankali zuwa kamar 110 a minti ɗaya, ga gumi ga rawar hannu, ya sauka a hankali. Amma ɗayan ina zaune lafiya lau sai farat ɗaya ya kai 170 ko sama, minti goma ya tsaya cak kamar an kashe fitila. Anyi min gwajin bugun zuciya na ECG sau biyu ance ba komai tunda lokacin baya yi, likita yace in dinga rubutawa. Ina rubuta lokaci, daɗewarsa, abinda nake yi, ina ƙirga bugun a wuya na daƙiƙa 30 in ninka biyu, saidai in yayi sauri lissafin ɓace min yake. Ya ake ƙirgawa daidai, kuma me zan ƙara?